"A Dawo Min Da Kuɗina": Yadda Mai Shago Zai Ce A'a Cikin Mutunci



Da yawa daga cikinmu muna haɗa rubutu da 'yar sana'a. Wata tana sayar da atamfa da mayafai daga gida, wani yana tsare wa yayansa shago da rana ya yi rubutu da dare. Ko wanda ba ya sayar da komai, tunda an san shi da iya alƙalami, shi ake miƙa wa waya idan saƙo mai zafi ya shigo, a ce, "Kai da ka iya tsara magana, ba ta amsa." Saƙon da ya fi yawan jawo wannan shi ne na mai saye da ya dawo yana neman kuɗinsa, alhali a bangon shagon an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a mayar da kuɗi bayan ciniki.

Ra'ayinmu shi ne, amsar irin wannan saƙo tana lalacewa ne idan muka ɗauka cewa tausasawa na nufin ɓoye a'a. Mu dai a ganinmu a'a ɗin ta fito fili da wuri, a jimla ɗaya, sannan kirkin ya bayyana a abin da shago zai iya yi wa mutumin. Amma kafin a kai ga rubutu akwai tambayar da dole a amsa, domin wani lokacin mai sayen ne da gaskiya, kuma ba wata gwanintar tsara kalmomi da za ta halatta riƙe kuɗinsa.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wani shagon yadi ne a unguwa, mai shi yana saro kaya daga Kantin Kwari. Wata Hajiya ta shigo ranar Asabar, ta zaɓi shadda ruwan toka da idonta, aka warware mata bandir ta shafa, ta ce a yanka mata yadi takwas: biyar na maigida, uku na ɗanta. Yadi naira 7,000 ne, ta biya 56,000, aka ba ta rasit, a ƙasansa an buga cewa yadin da aka yanka ba a mayar da kuɗinsa. Ranar Laraba sai ga saƙo a WhatsApp: "Malam, shaddar nan Alhaji ya ce kalar ba ta yi masa ba. Zan aiko yaro da ita, a turo min kuɗina yau don Allah, akwai abin da zan yi da su."

Abin da za mu fara dubawa shi ne dalilin da ta kawo. Ba ta ce shaddar ta zuba ba, ba ta ce an tarar da huda a cikin ninki ba, ba ta ce yadin bai cika ba. Ra'ayi ne ya sauya. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin komai. Dokar Najeriya ta kare haƙƙin masu saye, wadda aka yi a 2018 kuma hukumar FCCPC ke aiwatar da ita, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi. Sashe na 122 na dokar ya haɗa har da kayan da mutum bai samu damar dubawa ba kafin a kawo masa, sai ya tarar bai dace da abin da aka siffanta masa ko samfurin da aka nuna masa ba. Allon da aka rataye a shago ba ya soke wannan. Tun kafin dokar ma, wanda ya zauna gaban malam ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ba a bayyana masa ba yana da zaɓin mayar da shi, kuma ɓoye aibi algus ne. Saboda haka idan Hajiya ta ce tela ya warware ya ga zare ya tsinke a tsakiya, ko kuma a hoto ta zaɓa aka aika mata wata kala daban, to mu ajiye duk abin da za mu faɗa a ƙasa. Amsar a nan gajeriya ce: a turo hoto, a kawo kayan, a canza ko a biya.

Akwai tambaya ta biyu, ita ma ta gaskiya ce tsakanin mai shago da Allah. Shin an sanar da ita ƙa'idar kafin almakashi ya taɓa yadin? Idan allon yana bayan ƙofa inda ba mai ganinsa, ko kuma sai da ta biya sannan ta ga rubutun a rasit, hujjar shago ta yi rauni ƙwarai, kuma ya kamata sassaucin ya ƙaru gwargwadon haka. A misalinmu mu ƙaddara allon yana saman teburin awo, kuma yaron shago ya faɗa da baki kafin ya yanka. To yanzu shago yana da hurumin cewa a'a. Saura yadda za a faɗe ta.

Amsar da muka fi gani, wadda kuma muka fi jin tsoro, ita ce mai daɗin baki: "Ayya Hajiya, ba komai, bari Alhaji ya dawo daga kasuwa mu gani, in sha Allahu za a san yadda za a yi." Wanda ya rubuta wannan yana jin ya yi ladabi. A zuciyarsa kuwa ya san ba za a biya ba, yana fatan dai ta gaji ta bari. Ita kuma Hajiya abin da ta karanta daban ne. Ta ga "ba komai", ta ga "za a san yadda za a yi", ta ɗauka magana ta ƙare, har ta yi wa kuɗin lissafi. Ranar Juma'a za ta sake tambaya, a ce Alhaji bai shigo ba. Ranar Litinin a ƙi ɗaga waya. Zuwa lokacin da a'a ɗin za ta fito, rigimar ta tashi daga kan shadda ta koma kan yaudara, kuma a wannan karon ita ce da gaskiya. Mu da muke rubutu mun san kalma tana da nauyin da mai karatu ya ba ta, ko da marubucin bai yi nufin haka ba. Sanya sunan Allah a kan abin da mutum ya riga ya ƙudurta ba zai yi ba kuwa, wannan ya wuce matsalar salo.

Ɗaya amsar ita ce ta ɗaukar hoton allo ko rasit a tura mata, a rubuta a ƙasa, "Ba ki ga wannan ba?" Gaskiya ce, amma gaskiyar da aka jefa. Tana nuna wa mace mai mutunci cewa ko dai ba ta iya karatu ba, ko kuma tana neman cuta. Ba za mu daɗe a kanta ba, kowa ya san inda take kaiwa.

Abin mamaki shi ne kasuwar Hausa ta daɗe da mallakar a'a mai kyau. Idan ka taya kaya bai kai ba, mai shi zai ce maka "albarka". Ya ƙi tayinka sarai, ba ka da shakkar cewa ya ƙi, amma bai zage ka ba, ya ma bar maka ƙofar ƙarawa. Irin wannan muke nema a rubuce. Ga yadda muke ganin amsar Hajiya za ta kasance:

"Wa alaikumus salam Hajiya, barka da yamma, ya gida ya yara? Mun ga saƙonki a kan shaddar ranar Asabar, yadi takwas ruwan toka, ta naira 56,000. Ba daɗi a ce an yi wa Alhaji sayayya kuma ba ta kwanta masa ba. Sai dai kuɗin kam ba za mu iya mayarwa ba, domin yadin da aka riga aka yanka daga bandir ba ya komawa, kamar yadda muka faɗa kafin a yanka. Ga abin da za mu iya yi. Yadi biyar ɗin, in dai ba a jiƙa shi ba kuma tela bai sa masa alli ko almakashi ba, ki aiko da shi daga yau zuwa Laraba mai zuwa, ki zaɓi wata kalar ta kuɗinsa, wato 35,000. In kin ɗauki wadda ta fi tsada sai ki cika. Yadi ukun kuma ba za mu iya canzawa ba, amma in kina so ki bar shi a shago mu sayar miki, ranar da ya fita mu turo miki kuɗinki. In Alhaji zai samu dama ya leƙo ya zaɓa da kansa, ko mu turo hotunan kalolin da muke da su yanzu. Wanne ya fi miki sauƙi? Mun gode Hajiya, a gaida Alhaji."

Mu tsaya mu warware shi, domin kowace jimla akwai aikin da take yi.

Gaisuwar ba ado ba ce. Bahaushe bai saba a faɗo masa magana ba sallama ba, kuma saƙon da ya fara da "Kuɗi kam" kai tsaye zai zama kamar an tare mutum a bakin ƙofa. Amma layi ɗaya ya isa. Wadda ke jiran jin labarin dubu hamsin da shida ba ta buƙatar a tambaye ta gajiya da sanyi da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Bayan gaisuwa sai aka ambaci kayan da ranar da kuɗin. Wannan yana gaya mata cewa an san ta, an duba littafi, ba amsar da ake tura wa kowa aka kwafo mata ba. Yana kuma rufe ƙofar gardama a kan adadi nan gaba.

Jimlar tausayawa ita ce wurin da alƙalami ya fi zamewa. Mun rubuta "ba daɗi a ce an yi wa Alhaji sayayya kuma ba ta kwanta masa ba". Ba mu rubuta "ki yafe mana" ba, ba mu rubuta "laifinmu ne" ba, domin shago bai yi laifi ba, kuma wanda ya nemi gafarar laifin da bai yi ba ya miƙa wa ɗaya ɓangaren hujja. Za ta ce, to tunda kun yarda kun yi kuskure ku biya mana. Haka "ki yi haƙuri". Kalma ce mai kyau, sau ɗaya tana sanyaya zuciya. Idan ta fito sau huɗu a saƙo ɗaya sai ta zama alamar mai shagon bai tsaya da ƙafarsa ba, kuma duk wanda ya taɓa ciniki ya san idan ya ga haka ƙara matsawa ake yi.

Sai a'a ɗin kanta: "kuɗin kam ba za mu iya mayarwa ba". Tana cikin rabin farko na saƙon, ba a binne ta a ƙasa ba. Babu "wataƙila" a jikinta, babu "a yanzu dai", domin "a yanzu dai" na nufin gobe a sake tambaya. An kuma ce "mu", ba a ce "Alhaji ya hana" ko "ni yaro ne a shagon" ba. Jingina ƙi ga wanda ba ya nan yana da sauƙi a baki, amma ma'anarsa ita ce akwai wani sama da kai da za a iya lallasa, sai ta nemi lambarsa. In da gaske mai shago ne kaɗai ke yanke hukunci, to a tambaye shi kafin a ba da amsa, a dawo da magana ɗaya.

Dalili kuma guda ɗaya aka bayar, na gaskiya, wanda ita ma ta san haka ne: yankakken yadi ba ya komawa bandir. Akwai jarabar tara dalilai, a ce kasuwa ba ciniki, an riga an sari wasu kaya da kuɗin, dala ta tashi, haya ta ƙaru. Kowane ƙarin dalili wata ƙofa ce ta musu. In ka ce an kashe kuɗin a sari, za ta ce to zan jira zuwa wani mako. Ka ga ka mayar da ƙa'ida ta zama matsalar rashin kuɗi a hannu, wadda lokaci ke warwarewa.

Inda kirkin yake na haƙiƙa shi ne rabin saƙon na biyu, kuma ba a rubuta shi sai an yi lissafi. Me ya sa aka karɓi yadi biyar aka ƙi uku? Domin yadi biyar shi ne abin da babban mutum ke saya na riga da wando, in ya dawo shago gobe wani zai ɗauka, asarar shago kaɗan ce. Yadi uku kuwa sai an jira mai neman na yaro, kuma mai son wannan kalar, yana iya yin wata biyu a kan kanta, naira 21,000 a kwance. Shi ya sa aka ce a bar shi a sayar mata, jiran ya zama nata, wurin ajiya da tallan su zama gudummawar shago. Wannan tayi ne da shago zai iya cikawa ba tare da ya cutu ba. Kada marubuci ya ɗauki alƙalami ya yi kyauta da dukiyar da ba tasa ba don saƙo ya yi daɗi. A tambayi mai shagon, me za ka iya ɗauka? Abin da ya ce shi za a rubuta, da sharuɗɗansa da ranarsa. "Zuwa Laraba mai zuwa" ya fi "nan ba da jimawa ba", don kada bayan sallah a ga yaro da leda a bakin shago.

Tambayar ƙarshe, "wanne ya fi miki sauƙi?", tana mayar mata da zaɓi a hannu. Wanda aka ce wa a'a yana jin an ƙwace masa iko, to sai a ba shi wani abin da zai yanke da kansa. Ta kuma sauya akalar hirar daga a biya ko kada a biya zuwa wace kala za a ɗauka.

Wani zai ce, duk wannan wahalar ta mece ce, ba gara a mayar mata da kuɗin a huta ba, tunda addini ma ya kwaɗaitar? Gaskiya ne, karɓar kaya daga wanda ya yi nadamar saye, abin da malamai ke kira iƙala, aiki ne mai lada, kuma mai shagon da ya ga zai iya, Allah ya ba shi ladan. Amma falala ce, ba a tilasta wa mutum ita. Mai ƙaramin jari da ribarsa a yadi ba ta taka kara ta karya ba, in ya mayar wa duk wanda maigidansa ya ƙi kala, shagon ba zai ga baɗi ba. Akwai kuma batun adalci tsakanin masu saye. In mai ɗaga murya ce kaɗai ake mayar wa kuɗi, mai kunya kuma a karanta mata allo, to ƙa'idar ta zama haraji a kan masu kawaici. Wanda zai yi sassauci ya yi shi a kan dalili, kamar rasuwa ta sa an fasa biki, ya kuma faɗa a fili cewa alfarma ce ta wannan karon.

Saƙon farko ba shi ne mai wuya ba. Na biyu ne. Hajiya za ta iya dawowa da saƙon murya na minti uku: shekara nawa tana sayayya a wurinku, ashe haka kuke, za ta sa a sitatus kowa ya san halinku. A nan hannu ke ƙaiƙayi, mutum ya so ya rama ko ya so ya miƙa wuya. Shawararmu ita ce kada a amsa a cikin minti biyar ɗin farko, kuma kada a amsa da murya, domin murya tana ɗaukar fushi ko da kalmomin masu kyau ne. A rubuta, a kuma taƙaita fiye da na farko:

"Hajiya mun saurara, kuma wallahi muna ganin girman cinikin da kike yi da mu. Maganar kuɗi dai tana nan yadda muka faɗa. Canjin yadi biyar ɗin yana nan har Laraba, na ukun kuma muna jiran izininki. Ga hotunan kalolin."

Ba a kawo sabon dalili ba, ba a ƙara tayi ba, ba a kuma janye wanda aka yi ba don hushi. Barazanar sitatus ba a ko ambace ta ba. In aka ƙara tayi bayan barazana, an koya mata, da duk wadda za ta ba labari, cewa barazana tana aiki. In aka janye tayin, an tabbatar da abin da take faɗa a kan shagon. Abin da ya kamata mu riƙe a rai tun daga kalmar farko shi ne duk abin da aka rubuta ana iya ɗaukar hotonsa a yaɗa. Mu rubuta saƙon da in ƙawayenta sun karanta, ko ba su faɗa mata ba, za su ce a ransu ai mutanen nan ba su yi laifi ba.

In ta sake turowa karo na uku da na huɗu da magana iri ɗaya, ba dole ne a bi kowanne da amsa ba. Ana iya cewa, "Hajiya amsarmu ba ta sauya ba, muna nan har Laraba," a tsaya a nan. In kuma a tsakiyar hirar ta ce ai ma da tela ya buɗe ya ga tabo a jiki, to magana ta koma tambayar farko. Kada a ce mata ƙarya take yi don dalilin ya zo a makare. A ce ta aiko da shaddar a warware a gaban ɗan aikenta, in tabon daga bandir yake a biya ta kuɗin wannan yankin ko a canza mata, wanda ta zaɓa.

Ranar da yaron ya kawo yadi biyar ɗin kuma, a auna shi a gabansa, a duba alli da alamar ruwa, a rubuta sabon rasit da ke nuna canji ne. Yadi ukun da za a ajiye a rubuta sunanta da farashin da aka amince a jikin ledar, a tura mata hoton, don kada wata biyu nan gaba a rasa wanda ya tuna ko 21,000 aka ce ko 20,000.